Kuɗin Sabon Inji: Nawa Za Ka Riƙa Ajiyewa Duk Shekara?

A garin Kura da kewayenta, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noman shinkafa rani da damina, da wuya ka wuce unguwa ba ka ji ƙarar injin casar shinkafa ba. Mai injin ya san kuɗin gas na rana, ya san ladan yaran da ke zuba shanshara da masu ɗinke buhu, ya san sau nawa yake sauya bel da rariya. Akwai kuɗi guda ɗaya da yawancinsu ba sa sakawa a lissafi, wato kuɗin injin kansa. Kowane buhu da ya wuce ta cikinsa yana cin wani abu daga ƙarfinsa, amma babu wanda ke zuwa da yamma ya ce a biya shi wannan. Sai ranar da makaniki ya kwance inji, ya duba, ya ce: "Alhaji, gyaran nan asarar kuɗi ne, sai dai sabo." A ranar ne ake fara neman bashi ko a sa gona a kasuwa.

Maganin da masu lissafin kuɗi suka daɗe da sani shi ne a buɗe asusu na musamman tun inji yana da ƙarfinsa, a riƙa zuba masa adadi guda duk shekara, a bar kuɗin a inda zai kawo riba, ribar kuma kada a taɓa ta, har ranar da za a sayi sabo. Tambayar da ke gabanmu ita ce nawa ne wannan adadin. Amsar tana fitowa daga abu uku: kuɗin da ake son ya taru, shekarun da suka rage, da ribar da ajiyar za ta riƙa kawowa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa a madadinsu. A ce wani mai casa yana da injin da makanikinsa ya ce zai ƙara shekara 5 yana aiki yadda ya kamata. A ce kuma sabon irinsa, da kuɗin dakonsa da na girka shi, zai ci naira 6,000,000 a lokacin. Inda zai ajiye kuɗin kuwa yana ba da ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara.

Lissafin da zai fara zuwa wa kowa a rai shi ne a raba miliyan 6 gida 5, a samu 1,200,000 duk shekara. Wannan daidai ne ga wanda zai tara kuɗin a inda ba sa haihuwa. Wanda kuɗinsa ke kawo riba ba ya buƙatar zuba haka, domin zubin shekarar farko zai zauna shekara huɗu yana ƙaruwa kafin a buƙace shi, na biyu shekara uku, na uku shekara biyu, na huɗu shekara ɗaya. Na ƙarshe ne kaɗai zai shiga ya fita ba tare da ya kawo komai ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce a bi naira ɗaya tak. Naira ɗayar da aka zuba a ƙarshen shekarar farko za ta zama 1.1 bayan shekara, sannan 1.21, sannan 1.331, ta ƙare a 1.4641, saboda kowace shekara ribar da ta gabata ma tana kawo tata ribar. Ta shekara ta biyu za ta tsaya a 1.331, ta uku a 1.21, ta huɗu a 1.1, ta biyar tana nan a 1. Idan aka haɗa biyar ɗin za a samu 6.1051. Ma'ana, duk wanda ya zuba naira ɗaya sau biyar a irin wannan asusu zai tarar da naira 6 da ɗan ɗoriya. To in naira ɗaya a shekara tana tara 6.1051, nawa ne zai tara miliyan 6? Sai a raba 6,000,000 da 6.1051. Amsar ita ce naira 982,785.

Masu lissafi sun dunƙule wannan duka a layi ɗaya, don kada mutum ya wahala idan shekarun sun kai goma sha biyar ko ashirin:

```
A = F × i ÷ ((1 + i)^n − 1)
```

A nan A shi ne zubin shekara, F kuɗin da ake son tarawa, n yawan shekaru, i kuma ribar shekara, wadda ake rubutawa 0.10 idan kashi 10 ce. Wanda ke da Excel ko Google Sheets a wayarsa zai iya buga wannan, amsar ta fito masa nan take:

```
=PMT(10%,5,0,-6000000)
```

Yana da kyau mutum ya ga yadda asusun ke cika da idonsa, domin da wannan jerin ne zai riƙa gwada kansa. A ƙarshen shekarar farko akwai 982,785. A shekara ta biyu wannan kuɗi ya kawo ribar 98,279, aka ƙara sabon zubi, asusu ya kai 2,063,849. Ƙarshen shekara ta uku 3,253,018, ta huɗu 4,561,105, ta biyar miliyan 6. Abin da ya fita daga aljihun mai injin gaba ɗaya 4,913,925 ne. Ragowar 1,086,075 riba ce ta biya, wato fiye da zubin shekara guda cif. Duk shekarar da mai injin ya duba asusunsa ya ga bai kai adadin da ke jerin ba, ya san ya kauce hanya, kuma ya sani tun da sauran lokacin gyara.

Kusan miliyan ɗaya a dunƙule yana da nauyin ji. Ni a ganina kuskure ne a bar shi a matsayin kuɗin shekara. Gara a mayar da shi kuɗin buhu. Idan injin yana cashe buhu 4,000 a shekara, to kowane buhu naira 246 ke kansa. Wannan ita ce lambar da ya kamata ta shiga farashin casa, kusa da kuɗin gas da ladan ma'aikata. Mai injin da ya yanke farashinsa bai sa wannan 246 ba, yana rage wa maƙwabcinsa ciniki yau, amma da ƙarfen injinsa yake biyan rangwamen. Kuma da yake aikin casa yana da kaka, bayan girbin damina da na rani buhuna kan yi tsibi a ƙofar shago, wasu watannin kuma sai a yini ana jira, cire kuɗin a kan kowane buhu ya fi dacewa da yadda kuɗi ke shigowa. Ranar da aka yi aiki da yawa a cire da yawa.

Lokacin da ake zuba kuɗin ma yana sauya lissafi. Abin da muka yi a sama ya ɗauka cewa a ƙarshen kowace shekara ake zubawa. Idan mai injin zai iya zubawa a farkon shekara, kowane zubi ya samu ƙarin shekara guda ta riba, sai a raba amsar da 1.1, ta sauko zuwa 893,441. Haka kuma tsohon injin ba ya zama banza. Ko wani ƙaramin mai casa ya saya ya lallaɓa, ko 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Idan ana sa ran zai kawo 500,000, abin da za a tara ya koma 5,500,000, zubin ƙarshen shekara kuma ya koma 900,886. Shawarata a nan ita ce a ƙiyasta kuɗin tsohon da rowa. Injin da aka sayar yana aiki da wanda aka sayar bayan ya buga, farashinsu ba ya haɗuwa, kuma mai injin ba shi ke zaɓar ranar da zai buga ba.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami. Miliyan 6 ɗin nan farashin nan da shekara 5 ne, ba na yau ba. A misalinmu, a ce injin yau ana sayar da shi 3,400,000, kuma farashinsa na hawa kashi 12 cikin ɗari duk shekara. A shekara biyar zai kai dab da miliyan 6. Mai injin da ya ɗauki kuɗin da ya biya a baya ko farashin kasuwar yau ya raba gida biyar zai riƙa ajiye 680,000. Ko da ya samu ribar kashi 10 ɗin nan cikakkiya, abin da zai tara bai wuce 4,151,468 ba. Ya yi biyayya ga tsarinsa shekara biyar, bai tsallake ko sau ɗaya ba, amma zai isa wurin dila da giɓin kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin.

Irin wannan kuskure yana kama har waɗanda ke da akanta. A littafin kamfani akwai layin da ake rubuta raguwar darajar kayan aiki duk shekara, ana cire shi daga riba. Wasu sai su ɗauka wannan rubutun shi ne ajiyar. Rubutu ne kawai a takarda, an gina shi a kan kuɗin da aka sayi injin a da, kuma babu ko sisi da yake motsawa zuwa wani asusu saboda shi. Kamfani zai iya rubuta cewa darajar injinsa ta ƙare tas, a buɗe asusun banki a tarar babu kuɗin sayen ko bel.

To ina ake sanin farashin nan da shekara biyar? A littafin makaranta ana ba ɗalibi shi a cikin tambaya. A kasuwa kuwa da wuya a san shi tabbas, sai in akwai rubutacciyar yarjejeniya da mai kawo kaya. Yawancin waɗannan injuna daga China da Indiya ake shigo da su, da dala ake biya. A tsakiyar 2023, kafin Babban Bankin Najeriya ya sake farashin canji a watan Yuni, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duk wanda ya tsara asusunsa a 2021 ya rufe littafi bai sake dubawa ba, lissafinsa ya rushe ko da bai yi kuskuren ko lamba ɗaya ba.

Saboda haka adadin da aka fitar a shekarar farko mafari ne, kuma dole a sake shi duk shekara. Yadda ake yi ba shi da wuya. A ce a ƙarshen shekara ta uku mai injin ya je wurin dila ya ji farashi, ya gane cewa nan da shekara biyu injin zai kai miliyan 8. A asusunsa akwai 3,253,018. Wannan kuɗi, in an bar shi shekara biyu a kan kashi 10, zai zama 3,936,152. Saura 4,063,848 da za a cike da zubi biyu. Na farko zai samu ribar shekara ɗaya, na biyu ba zai samu ba, don haka sai a raba da 2.1, a samu 1,935,166 kowace shekara. Zubin ya kusa ninkawa. Labari ne marar daɗi, amma jin sa da sauran shekara biyu ya ba mai injin zaɓi: ya ƙara kuɗin casa, ko ya kashe kuɗi a babban gyara don injin ya ƙara shekara, ko ya haɗa abin da ya tara da ɗan bashi ya sayi sabon tun yanzu kafin ya ƙara tashi. Wannan zaɓi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Idan farashin inji yana hawa da sauri fiye da ribar asusu, kowace shekara ta jira tana ƙara nisa tsakanin mai ajiya da injinsa. Wannan ita ce iyakar dabarar, kuma mai gaskiya ba zai ɓoye ta ba. Wasu saboda haka suke ajiye wani kaso na asusun a dala, tunda da ita za a biya kuɗin injin, duk da cewa ita ma tana iya sauka ta bar mutum da asara.

Ribar da ake sakawa a lissafi ita ma tana buƙatar a tace ta. Kashi 10 da banki ya faɗa ba lallai shi ne zai shiga hannu ba. Ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga kuɗin ruwan ajiya tun kafin ya shigo, wanda ke mayar da 10 ta koma 9. Ga Musulmi kuma akwai zakka. Inji kayan aiki ne, ba a fitar masa da zakka, amma kuɗin da aka tara don sayensa kuɗi ne, idan sun kai nisabi shekara ta zagayo a kansu sai an fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. In daga cikin asusun za a fitar, ribar kashi 10 ta koma wajen 7 da kwata. Ko dai a sa wannan ƙaramar lambar a lissafi, ko a ƙudurta cewa daga wani aljihun za a riƙa biyan zakkar. Tasirin ba ƙarami ba ne. Da a ce abin da ya rage bayan duk cire-ciren kashi 6 ne, zubin da ake buƙata 1,064,378 ne. Wanda ya ci gaba da zuba 982,785 a kan haka zai ƙare da 5,540,050, giɓin kusan 460,000.

Mai karatu da yawa zai ce shi ba ya cin kuɗin ruwa, kuma lissafin bai tilasta masa ba. Abin da lissafin ke buƙata shi ne ajiyar da ke ƙaruwa, ko ta wace halastacciyar hanya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma irin waɗannan bankuna suna da asusun mudaraba, inda ake juya kuɗin mai ajiya a raba riba. Akwai kuma sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 na shekara bakwai don aikin hanyoyi, ana biyan masu shi kuɗin haya duk wata shida. Kowanne yana da abin lura. A mudaraba ba a lamunce adadin riba tun farko, don haka a ɗauki lamba ƙasa da abin da bankin ya saba bayarwa. A sukuk kuwa kuɗin hayar yana faɗowa ne cikin asusun mutum na yau da kullum, kuma in bai mayar da shi ajiya ba, ribar riba da lissafinmu ya dogara a kai ta tafi. Sannan a duba wa'adi: takardar da za ta nuna bayan shekara bakwai ba ta dace da injin da zai mutu a shekara biyar ba, domin sayar da ita kafin lokaci yana iya zuwa da ragi. Wanda bai yarda da ko ɗaya ba sai ya sa riba sifili, ya koma kan 1,200,000 ɗinsa.

Akwai masu cewa gara su zuba kuɗin a shanshara lokacin kaka su sayar in ta yi tsada, ko su sayi bijimai su yi kiwo, tunda ribar ta fi ta banki. Sau da yawa ta fi ɗin. Damuwata ita ce shekarar da farashin shinkafa ya karye ita ce shekarar da cinikin casa ma zai ja baya, sai asusun da sana'ar su faɗi tare. Kuɗin inji ana son su a wurin da ba ya rawa da abin da ke girgiza sana'ar. Ko a bankin ma a san iyaka: tun 2024 hukumar NDIC tana lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Asusun misalinmu zai wuce miliyan 5 a shekararsa ta ƙarshe, don haka raba shi banki biyu ba tsoro ba ne. Waɗanda ke da kuɗi a bankin Heritage lokacin da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun ga amfanin sanin wannan iyaka.

Abin da ya fi kashe irin wannan asusu, duk da haka, hannun mai shi ne. Biki ya taso, ko boris ya ƙone ana tsakiyar aiki, sai a ce bari a ara daga kuɗin inji, za a mayar. Kuɗin gyara na yau da kullum, su rariya da roba da baƙin mai, ya kamata su samu nasu wurin dabam, in ba haka ba su za su cinye na sabon. Kuma tsallake zubi ba duka yake da farashi ɗaya ba. Wanda ya tsallake na shekarar ƙarshe ya rasa 982,785. Wanda ya tsallake na farko ya rasa 1,438,896, domin ya tafi da ribar shekara huɗu. Abin takaici, shekarar farko ita ce aka fi tsallakewa, saboda inji yana ƙara lafiya lau, babu abin da ke tuna wa mutum. Wanda ya ce sai ya huta shekara biyu kafin ya fara, shekara uku suka rage masa, lambar rabawarsa ta sauko daga 6.1051 zuwa 3.31, zubinsa ya tashi zuwa 1,812,689 a shekara. A kan buhu 4,000 wannan naira 453 ne kowane buhu maimakon 246, kuma zai nemi ƙarin ne a daidai lokacin da injin ya fara yawan tsayawa, yana karya shinkafa, masu kawo aiki suna fara leƙa shagon gaba.

Shekarun da ake sakawa a lissafi ma a tambayi makaniki, kada a dogara da abin da dila ya faɗa ranar ciniki. Inji yana tsufa ne da awannin aiki da ƙurar da yake sha da irin kulawar da yake samu. Wanda ke aiki dare da rana a kaka biyu ba zai kai wanda ke aikin rabin yini ba. Alamomin suna bayyana kafin ya tsaya: gas ɗin da yake sha a kan buhu yana ƙaruwa, tazarar da ke tsakanin gyara da gyara tana raguwa, karyayyar shinkafa tana yawa a abin da yake fitarwa. Idan makaniki ya ce biyar ko shida, a yi lissafi da biyar. In injin ya kai shida, kuɗin suna nan suna ƙaruwa, shekarar da aka samu kuma sai ta zama farkon zubin injin da zai biyo bayan sabon.